Surukina a Layin Sisi

Shekarar da ɗan mai gidanmu ya dawo daga karatu a Tarabulus aka hana mu aiki da baki. Kafin nan, a kamfanin dabinon da nake yi wa aikin biro, wato ofis, a unguwar Jadid, in ana son abu sai a ɗaga waya a faɗa. In abin bai yiwu ba kowa ya rantse bai ji ba, a ɗora wa layin waya laifi, a sha shayi a watse. Haji, mai kamfanin, ya saba da haka, har ina jin yana jin daɗinsa. Ɗan nasa kuwa, da aka ce mu riƙa kira mudir, wato manaja, ya ce daga yau duk umarni sai ta imel, don a san wa ya ce, wa aka ce wa.

Ya tara mu a biro ya koya mana. Har surukina aka ɗauko daga gona, tun daga Ghudduwa, ya zo ya zauna a kujerar roba da hularsa a gwiwa. Mudir ya nuna mana layuka biyu a saman saƙo. Layin farko, in ji shi, na wanda ake magana da shi ne, wanda zai tashi ya yi aikin. Layi na biyu, mai harufa biyu da ake karantawa si-si, na wanda aka sanar ne kawai: ya karanta, ya sani, ya ci gaba da abin da ke gabansa. Sannan ya nuna kibiyoyi uku. Kibiya ɗaya amsa ce ga wanda ya rubuto shi kaɗai. Kibiya biyu amsa ce ga kowa, wanda ya rubuto da duk waɗanda ke layukan nan biyu. Mai kallon gaba kuma ta turawa ce, tana ɗaukar saƙon da duk abin da ke jikinsa ta kai wa wani daban.

Mai kula da sito, wani Bakano mai baki kamar rediyo, ya ɗaga hannu.

"Mudir, wato wanda aka sa a sisi, ko sisi ba a nema a wajensa?"

Mudir bai gane wasan ba, don shi bai san sisi kuɗi ba ne. Ya ce, "Bahi," wato da kyau da Larabcinsu, "haka ne." Daga ranar layin ya zama layin sisi a bakin kowa.

Surukina tsohon soja ne. Ya bar kaki tun kafin a haifi matata, amma kakin bai bar shi ba. Shi ne shugaban masu aikin gona, yana da ɗaki kusa da injin ruwa, kuma ya san kowane dabino a gonar kamar yadda mutum ya san jikokinsa. In aka ba shi doka yakan riƙe ta da hannu biyu. Na ga leɓensa yana motsi a ranar, yana maimaita darasin: layin sama a tashi, layin sisi a zauna.

Ni aka ba aikin rubuta saƙonnin, don ni ke iya haɗa Larabci da boko. Mudir zai leƙo ya ce, "Rubuta wa shaibani ya gyara bututun gabas," ya wuce. Shaibani shi ne tsoho a bakin Larabawan nan. A wurinsa magana ce mai sauƙi. A wurina kuwa dutse ne aka ɗora mini a ka.

Ni Badamagare ne, an haife ni an yi mini tarbiyya. Tun da na auri 'yar mutumin nan ban taɓa kiran sunansa ba. In na hango shi nakan cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa. In ina da magana da shi, nakan samu wani dattijo in gaya masa a gabansa, shi kuma ya ba dattijon amsa ina ji. Haka muka zauna shekara da shekaru lafiya lau, ba mu taɓa saɓani ba, don ba mu taɓa magana ba. Yanzu kuma wai in sa shi a layin sama, in dube shi ido cikin ido ta cikin na'ura in ce masa "ka gyara"? Wanda ya ba ni 'yarsa?

Na daɗe ina kallon layukan nan biyu, sai na ga ashe Turawan da suka ƙera abin ba su rasa kunya gaba ɗaya ba. Ga layin wanda ake gaya wa, ga layin wanda ke zaune gefe yana ji. Ai wannan zaurenmu ne sak. Na sa Bakanon nan a layin sama, na sa Baba, surukin nawa, a layin sisi, na rubuta: "A gyara bututun gabas, in Allah ya yarda." Ban ce "ka" ba, ban ce "ku" ba. Hausa ta ba mu wannan ɗan "a" don irin wannan rana, a ba da umarni ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Mudir kuwa ya riga ya hana in riƙa sa shi a irin waɗannan ƙananan saƙonni, wai muna cika masa akwati.

Kuma abin ya yi aiki. An gyara bututu. An share ƙarƙashin itatuwa. An kai taki. Na riƙa tafiya gida unguwar Tayuri ina jin kaina, ina cewa ga ɗan zamani da bai zubar da al'ada ba. Abin da ban sani ba, Bakanon ne ke riƙe da rufin duka. Da ya ga saƙo sai ya ɗaga waya ya kira gona: "Baba, surukinka mai kunya ya ce a gyara bututu." Baba ya ce to, tunda wanda aka sa a layin sama ya miƙo masa aikin da bakinsa. Bakanon bai taɓa gaya mini ba, ya fi son ya riƙa yi mini dariya a ɓoye. Tsakanin Bakano da Badamagare dama abin da ke akwai ke nan tun kakanni.

Da kaka ta yi, dabino ya nuna, sai Bakanon ya tafi gida ganin mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Ya bi hanyar hamada inda ko tsuntsu ba ya samun layin waya. Ya bar makullin sito a hannun direbanmu. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba. Mudir ya leƙo ya ce masu saye daga Misrata za su aiko kamyo, babbar motar kaya, ran Alhamis, a yanko sabon dabino a zuba a kwali. Na sa Bakano a sama kamar kullum, Baba a sisi, na rubuta: "A shirya dabinon mutanen Misrata, kamyo zai zo ran Alhamis."

Baba ya hau tudun da ke bayan injin ruwa, inda waya ke kamawa, ya karanta. Ya ga mai sito a layin sama, ya ga kansa a sisi. A sito kuwa akwai busasshen dabino jibge. Ya ce a ransa ashe daga sito za a loda, an dai sanar da shi don girmamawa. Ya sauko ya ci gaba da ban ruwa.

Ran Alhamis kamyo ya isa Ghudduwa, dogo mai sanyi a ciki, ya tarar da dabinonsa a sama yana lilo. Direban ya jira, ya sha shayin Baba, ya yaba shayin, ya juya babu komai.

Ban taɓa ganin mudir haka ba. Ya tsaya a kaina yana huci.

"Ka aika masa ko ba ka aika ba?"

"Na aika."

Gaskiya na faɗa. Ya kira gona a gabana, ya buɗe murya kowa na ji.

"Shaibani, ka ga saƙo?"

Na san Baba ya riga ya gane abin da ya faru tun da ya ga kamyo a bakin gona. Kalma ɗaya zai faɗa, sisi, a juyo kaina.

"Na gani, mudir," in ji shi.

"To me ya hana?"

"Allah ya ba da haƙuri."

Mudir ya yi ta faɗa har ya gaji ya kashe waya.

Washegari Juma'a ba aiki. Ran Asabar na tarar da saƙo. Mudir ya rubuta wa mahaifinsa, ya sa ni a sisi. Ya ce shaibanin gona ya tsufa, yana ganin umarni yana kwanciya a kai, kuma shi yana da wani saurayi da zai iya riƙe gonar. In an gama yankan bana a sallame shi, ya kwashe kayansa daga ɗakin. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya, wai magatakarda, wato ni, shaida ne an aika masa.

Ga ni a layin sisi, inda doka ta ce in karanta in zauna. Ban taɓa jin daɗin doka kamar na wannan ɗan lokaci ba. In na yi shiru babu wanda zai ce na yi ƙarya. Amma shayin da aka kawo mini ya huce ban taɓa ba. Mutumin da ya dasa rabin itatuwan gonar nan za a kora, a kan abin da ya rufa mini.

Da azahar na tafi gida na gaya wa matata. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

"Wato Malam, duk watannin nan ba ka taɓa rubuta wa Baba ba?"

"Ina rubuta masa. A gefe."

"A gefe." Ta ajiye faranti. "Kunyar taka ce za ta fitar da shi daga ɗakinsa, ya dawo nan ya zauna da mu. Ɗaki biyu gare mu. Ka ga sai ka riƙa shiga gidanka ta taga."

Wallahi wannan ban yi tunaninsa ba. Na ji tausayin Baba tun da safe, amma sai a lokacin na ji tsoro.

Na koma biro na zauna gaban kibiyoyin nan uku kamar mai zaɓen wuƙar da za a yanka shi da ita. In na danna kibiya ɗaya, mudir kaɗai zai ji. Zai karanta, ya ce bahi, ya binne maganar, don saurayinsa na jiran gona. In na danna kibiya biyu, Haji zai gani, amma maganata ce kawai a kan ta ɗansa, kuma kowa ya san suruki zai kare surukinsa. Abin da zai yi magana da kansa shi ne tsohon saƙon nan na kamyo. In na tura shi, zai tafi da kansa da ƙafarsa, a rubuce a samansa wa aka sa a layin farko, wa aka sa a sisi. Na nemo shi a cikin waɗanda na aika, na danna mai kallon gaba.

Sai kuma rigimar layuka. Wa zan sa a sama? Haji ne zai yanke hukunci, don haka wurinsa ne. In na bar mudir a waje, na zagaye shi na kai ƙara wurin ubansa, ba zai yafe mini ba har abada. In na sa su tare a sama, na daidaita ɗa da uba, wannan kuma rashin tarbiyya ne ko a nan yankin Fezzan. Na sa shi a sisi. Na san zai ji zafin a ce magatakarda ya gaya masa ya karanta ya zauna, amma shi ya kawo dokar. Baba kuwa ban sa shi ko'ina ba. Abin da zan rubuta ba na kunnensa ba ne.

Na rubuta da Larabcina na kasuwa. Na ce Haji ya dubi saman saƙon da ke ƙasa, zai ga dattijon gona bai karya doka ba, bin ta ya yi. Na ce ni na sa shi a sisi, don a garinmu mutum ba ya ba surukinsa umarni. Da na fara sai hannuna ya ƙi tsayawa. Na ce mutumin nan ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai katifa da buta, bai taɓa tambayata me nake samu ba. Na ce ran Alhamis yana iya faɗin kalma ɗaya ya tsira, ya haɗiye ta saboda ni. Na ce ban san ubana ba, ya rasu ina goye, kuma in ana zaɓen uba da shi zan zaɓa. In korar ce a kore ni. Na aika kafin hankalina ya dawo.

Haji ba ya son rubutu. Da la'asar sai ga shi da kansa a biro, da sandarsa, yana dariya tun daga bakin ƙofa. Kakarsa Bahaushiya ce, kuma yana da 'yar Hausar da ya tsinta a gindinta, wadda yake fitowa da ita in yana cikin nishaɗi.

"Kai mai kunya! Kaka nawa haka. Miji na 'ya nata ya shigo, ita gudu bayan ɗaki. Shekara da yawa, ba magana. Ni yaro, ina tsammani faɗa ne."

Ya zauna ya share hawaye. Sannan ya sa na riƙe masa waya, ya danna kibiya biyu da babban yatsansa, ya rubuta mana ni da mudir layi biyu. Shaibani yana nan a gonarsa. Magatakarda kuma, tunda ba ya iya rubuta wa surukinsa, ya tafi gona ya taya shi yankan dabinon Misrata da hannunsa, in an gama a ga abin da za a yi da shi.

Na ce, "Haji, a rage mini albashi mana."

"La, la. Gona."

Mudir ya juya. Ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa da ƙarfi. Yana son ya sanar da gona hukuncin, kuma ba ya son ya ɓata yatsunsa da sabon rubutu. Sai ya ɗauki amsar Haji ya danna mai kallon gaba, ya sa Baba a layin sama, ni a sisi, ya rubuta kalma biyu: "Don aiwatarwa." Shi da ya koya mana cewa turawa tana tafiya da jelarta, shi ya manta. Na buɗe na gangara ƙasa. Ga hukuncin Haji. A ƙarƙashinsa ga wasiƙata ɗungurungum, da katifa da buta da maganar uba, ba a cire ko ɗigo ba.

Na so ƙasa ta buɗe. Na yi addu'a iska ta ɗauke layin Ghudduwa, na yi addu'a wayar Baba ta faɗa rijiya. Na tuna yana karanta Larabci a hankali, da yatsa, ba ya tsallake kalma. Matata da na gaya mata ta yi dariya har ta riƙe bango, sannan ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Da safe direba ya kai ni. Hanyar Ghudduwa ba ta taɓa yi mini gajarta haka ba. Ya sauke ni a bakin gona da 'yar jakata ya juya, ko shayi bai tsaya sha ba, munafuki. Ma'aikata duk sun yi can ƙarshen gona, ana jin muryoyinsu sama-sama. Baba kaɗai ne a gindin wani dogon dabino yana gyaran igiyar hawa.

Na cire takalmi. Ƙasar gonar dabino cike take da ƙaya, amma na taka haka nan. Na durƙusa.

"Ina kwananku, Baba."

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ku."

Gaisuwa ta ƙare, abin da muka iya ke nan. Na ga ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda zai gaya wa magana in ji. Ni ma na taya shi nema. Babu kowa sai wani jaki da ke ɗaure can nesa, kuma na rantse sai da ya ɗan tsaya yana kallon jakin. Sannan ya yi gyaran murya, ya ci gaba da murza igiya, idonsa a kanta.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Na karanta. Har ƙasa."

Na ƙara sunkuyawa. Ƙaya tana cin gwiwata, na ji daɗin samun abin da zan ji ban da kunya.

"Da ka bari. Ni na tsufa, in sun sallame ni gida zan koma. Kai kake da yara ƙanana."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Na ga alama." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Wancan na uba da ka rubuta. Ni ma 'ya'yana duk mata ne. Ban rasa ɗa ba tun ranar da ka zo."

Hawaye ya zubo mini, ban san lokacin ba, ya sauka a kan ƙasar da nake kallo. Shekarun da na yi ina durƙusa wa mutumin nan ban taɓa sanin yadda muryarsa take ba in da ni take magana. Ashe taushi gare ta. Ya bar ni na gama, bai kalle ni ba, kuma na gode masa da wannan.

Sannan ya miƙe, sojan ya dawo. Ya miƙo mini igiyar da lauje, ya nuna saman dabinon da haɓa. Na ɗaga kai ina bin gangar jikinsa har hulata ta faɗi. Ni da ko kan kujera na hau don canza ƙwan lantarki sai an riƙe mini.

"Baba, a ce... a samu wani wanda ya saba..."

"Ba 'a' ba," in ji shi. "Kai. Ɗaura igiya ka hau, ɗana, ina riƙe da kai daga ƙasa."